Saƙon Inna na minti huɗu, da abin da ya rage a hannuna

Assalamu alaikum. A hannuna na hagu akwai wani baƙin awarwaron roba, irin wanda samari ke sawa, da kalma shida a jikinsa. Mata da yawa sun tambaye ni me mace mai 'ya'ya uku take yi da abin yara a hannu, kuma me ya haɗa shi da tukunya. Amsar ba ta ƙarewa a tsaye, shi ya sa na zauna na rubuta ta. Ba zan ambaci sunan kowa ba.

A Wad Madani ta ƙasar Sudan aka haife ni, amma asalinmu Mai Wurno ne, kudu da Sinnar, garin da kakanninmu suka kafa a bakin Nilu bayan sun baro ƙasar Hausa a dalilin yaƙin Burmi na 1903. Babanmu agashe yake sayarwa a bakin kasuwa har ya rasu, Inna kuma ƙosai da koko take yi a ƙofar gida. Ba ta yi karatun zamani ba, amma ta tsaya sai da na gama, na zama malamar Larabci a makarantar firamare. Shekara goma sha ɗaya ina koya wa yara yadda ake taƙaita rubutu: a karanta, a fitar da babban ra'ayi, a zubar da misalai. Na ɗauka na iya abin.

Yaƙin da ya fara a Hartum ranar 15 ga Afrilun 2023 ya iso mana Madani a watan Disamba. Muka fita da abin da hannu zai iya ɗauka. A Sinnar muka rabu da Inna. Ta ce ita ba za ta wuce Mai Wurno ba, can danginta suke, kuma ƙafafunta ba za su iya doguwar hanya ba, ga ciwon suga. Ni da yara muka bi ta Gadarif da Kasala har Bur Sudan, a bakin Bahar Maliya, inda aka sauke mu a ajin wata makaranta tare da wasu iyalai huɗu, an raba ajin da zannuwa. Maigidana ya tafi arewa wajen haƙar zinariya don ya samo mana abin kashewa, sai labarinsa ya ɗauke.

A watan Janairun 2024 Inna ta aro wayar maƙwabta ta turo mini saƙon murya, minti huɗu da daƙiƙa goma. Na saurara sau ɗaya ina wanki, na ce zan amsa in na samu natsuwa. A farkon Fabrairu layukan waya suka ɗauke a kusan duk ƙasar. Ta rasu a cikin azumi, allurarta ta ƙare ba a samu wata ba, kuma sai bayan kwana tara labarin ya iso gare ni. Ban taɓa amsa saƙon nan ba.

Daga nan na kwanta. Ba zazzaɓi ba ne, ba kuma wani ciwo da zan nuna wa likita da yatsa ba. Ina tashi in yi salla in koma kan tabarma in juya wa bango fuska. Babbar 'yata, shekararta goma sha ɗaya, ita ke ɗaukar kwano ta bi layi a takiyya, wato wurin da masu taimako ke dafa abincin sadaka, ta kawo adas ko ful, wato dafaffen wake irin na can, ta raba wa ƙannenta. In mata suka leƙo suka ce, "Ustaza, sai haƙuri," in ce, "Haƙuri ya zama dole," in ƙara jan mayafi. Haka na yi wajen wata uku.

Da kuɗi suka ƙare sai na yanke shawarar sayar da wayata. Kafin in kai ta kasuwa na tura wa ƙanena da ke Jidda saƙon Inna don kada ya ɓace, sannan na zauna da littafin makarantar 'yata na kwafe shi kalma bayan kalma, ina tsayarwa ina komawa baya. Ya ci shafi biyu da rabi, kalma 380 da 'yan kai. Na ninke takardar na sa a cikin rigata. Wanda ya san zafin Bur Sudan a watan Yuni ya san abin da zai faru: cikin mako biyu gumi ya jiƙa ta, tawada ta fara narkewa, wajen ninkin ya fara yagewa. Ga shi kuma ba wurin da zan buɗe ta in karanta ba tare da ido goma a kaina ba.

Ƙanen nawa a wani shagon buga kyaututtuka yake aiki, inda suke rubuta sunaye a kan kofuna da alƙaluma da na'urar leza. Ta wayar wata maƙwabciyata a ajin muke magana. Da na yi masa kukan takardar sai ya ce, "Yaya, bari in yi mana awarwaro, mu 'ya'yan Inna shida, kowa ya samu nasa. Ba ya jiƙewa, ba ya yagewa, ko wanka za ki yi da shi. Amma layi ɗaya zai ɗauka. Ki zaɓo mini abin da bai wuce gurbi talatin ba."

Na ce masa kalma talatin ai ta yi kaɗan. Ya yi dariya ya ce ba kalma ba, harafi, kuma har tazarar da ke tsakanin kalmomi ana ƙirga ta. Ya yi mini lissafin. Awarwaron manya kewayensa milimita 202 ne, faɗinsa 12. In ana so a karanta rubutu ba tare da an kai hannu bakin hanci ba, tsayin harafi ya kai milimita 6, a bar 3 a sama 3 a ƙasa. Babban harafi mai wannan tsayi yana cin kamar milimita 5 a kwance, saboda haka gurbi talatin sun cinye santimita 15. Biyar ɗin da suka rage dole a bar su fili, don abu ne mai zagaye, in ƙarshen magana ya haɗu da farkonta ba wanda zai san inda zai fara.

Na yi fushi da shi a ranar. Na ga kamar yana cewa in yanka Inna in saka ta a gwangwani. Amma da dare sai na tsinci kaina zaune da fensir, kuma wannan ne karo na farko cikin watanni da na yi wani abu ba a kwance ba.

Farkon aikin bai yi wuya ba. Kusan kalma ɗari na farko gaisuwa ce, tana kiran jikokinta ɗaya bayan ɗaya, tana tambayar ko tarin ƙaramin ya tafi. Na ja musu layi. Akwai wajen kalma sittin na amana: wance tana bin ta kuɗin wake, keken ɗinkinta yana gidan wane. Wannan na kwafe daban na aika wa yayanmu. Sai addu'o'i, da ayar nan ta cikin suratu Alam Nashrah da ke cewa tare da tsanani akwai sauƙi. A nan na daɗe. Ita ce mafi girman magana a cikin saƙon gaba ɗaya, kuma da Larabci za ta shiga awarwaro har fili ya rage. Sai na tuna inda hannun nan yake shiga kullum: banɗakin makaranta da mutum fiye da ɗari ke amfani da shi, ruwan wanki, kashin yaro. Abin da aka yi don kada a cire shi bai dace ya ɗauki aya ko sunan Allah ba, in ba haka ba kullum kina cirewa kina mayarwa, wata rana ki manta. Na ajiye duk wani layi mai sunan Allah a gefe. Suna nan a zuciya, a hannu ne ba su da wuri.

Abin da ya rage shi ne labarin da ta ba ni na shekarar yunwa, da nasihar da ta biyo bayansa. A nan malantata ta cuce ni. Na yi abin da nake koya wa yara: na tambayi kaina mene ne babban ra'ayi, na amsa da cewa haƙuri ne, na zubar da labarin a matsayin misali. Sai na nemo maganar da ta fi kowace kama ma'anar, na ƙirga ta da yatsa. "Haƙuri maganin zaman duniya." Harafi 24, tazara 3, gurbi 27. Ta shiga daidai. Na ji daɗin kaina ƙwarai, na tura masa.

Bayan sati uku wani ɗan garinmu da ya biyo jirgin ruwa daga Jidda zuwa Sawakin ya kawo mini nawa. Shuɗi ne, rubutun fari tas. Na sa shi na koma kan tabarmata. Kwana goma yana hannuna, kuma ba abin da ya canza, sai ma ya zama kamar takardar izinin kwanciya. In na dube shi sai ya ce mini abin da nake yi daidai ne, ai haƙuri nake yi. Wata rana 'yata ta dawo daga layi, ta ajiye kwano, ta kama hannuna ta karanta a hankali, don a makaranta sun fara haruffan Turanci. Ta ce, "Umma, wannan ai ba maganar Inna ba ce. Wannan kowa ma yana faɗa."

Na koma takardar na bi ta da yatsa daga sama har ƙasa. Kalmar haƙuri ba ta fito ko sau ɗaya ba. Ni na sa mata ita a baki.

Ga kuskuren da nake so wanda zai yi irin wannan aiki ya gane. Taƙaitawa irin ta makaranta hawa sama take yi: tana barin tukunya da hayaƙi da la'asar, ta tafi neman kalmar da ta rufe su duka. In kika hau sama sosai, abin da za ki tarar karin magana ne, kuma karin magana na kowa ne. Da zan cire wannan awarwaro in ba kowace mata a ajin nan, zai yi mata daidai kamar don ita aka yi. A lokacin na gane cewa ba sabon layi zan ƙirƙira ba. Layin yana cikin maganarta, nemo shi zan yi in sassabe abin da ya kewaye shi.

Takarda ba ta nuna inda murya ta canza. Na roƙi ƙanena ya sake turo saƙon a wayar maƙwabciyata, na fita bayan aji da dare na saurara sau biyar, ban riƙe fensir ba. Gaisuwar da sauri take yin ta, addu'o'in kuma da irin muryar da ta saba, kamar mai jan carbi. Sai wajen minti na uku, bayan ta gama ba da labarin yunwar 1984 da 1985, lokacin da aka riƙa raba jar dawar agaji da mutane suka sa wa suna Rigan, ta yi shiru, ta yi ɗan tari, ta sassauta murya kamar wadda za ta faɗi abin da ba ta so maƙwabta su ji. Ta ce:

"To ni dai abin da na sani, ko gidan babu komai, in la'asar ta yi ki tashi ki hura wuta ki ɗora tukunya ko da ruwa ne zalla a ciki, don yara su ga hayaƙi su san uwarsu ba ta sallama ba."

Kalma 42. Da na kwafe su a takarda a karon farko ban ga wani abu a cikinsu ba, na ɗauke su jelar labari. A kunne kuwa duk sauran saƙon hanya ce ta zuwa nan. Ta san ni. Ta san in abu ya yi mini yawa kwanciya nake yi tun ina yarinya.

Saura a mayar da kalma 42 gurbi talatin. Wannan karon ban yarda da ƙirgen yatsa kaɗai ba. Na yanko takardu masu tsawon santimita 20 da faɗin ɗan yatsa, in rubuta layi da manyan haruffa, in naɗa a hannu in liƙe da ƙullin fulawa, in wuni da shi. Nan na gano abin da ƙanena bai faɗa mini ba, wataƙila don shi a shimfiɗe yake ganin abin a kan allon kwamfuta. Hannu ba allo ba ne. In kika dubi bayan hannunki, abin da ido ke kamawa a kallo ɗaya bai wuce santimita shida zuwa bakwai ba, wato gurbi goma sha biyu zuwa sha huɗu. Sauran sun zagaya ƙasa. Kuma awarwaro yana juyawa da kansa, ba ke ke zaɓar ɓangaren da zai fuskance ki ba.

Wanda zuciyata ta fara so shi ne ƙarshen maganar: "Uwarsu ba ta sallama ba." Gurbi 23. Na naɗa shi da safe. Da azahar ina alwala na dubi hannuna, takardar ta juya, "ba" ta farko ta shige gefe ɗaya, ta ƙarshe ta shige ɗaya gefen, abin da ke kallona shi ne TA SALLAMA. Gabana ya faɗi kamar an zage ni. Korewar Hausa ƙafa biyu gare ta, ɗaya a gaba ɗaya a baya, kuma abu mai zagaye yana iya ɓoye su duka ya bar miki kishiyar abin da kika rubuta. Na cire shi nan take. Ban da haka ma, layin yabo ne, yana ba da labarin wata mata da ba ta sallama ba, ni kuwa a lokacin na sallama.

Na gwada "Yara su ga hayaƙi." A bakin Inna hayaƙin murhu ne. Amma yaran da suka baro Madani sun ga wani irin hayaƙi, kuma ƙaramin nawa har yau in ya hango baƙin hayaƙi sai ya riƙe zanena. Da aka raba kalmar da murhunta sai ta koma wani abu dabam. Haka "Ki tashi ki hura wuta": duk Bahaushe ya san abin da ake nufi in an ce wane yana hura wuta, kuma ba maganar da zan so a karanta a hannuna ba ce a shingen bincike. Duk layin da aka ciro daga cikin 'yan'uwansa sai an dube shi kamar baƙo ne zai karanta, wanda bai ji abin da ya gabata ba.

Sai na lura aikatau uku ne a jere: tashi, hura, ɗora. Ba mai ɗora tukunya a kwance, ba kuma mai ɗora ta a murhu mai sanyi. Na ƙarshen ya haɗiye biyun farko, saboda haka suka tafi ba tare da an yi asarar komai ba. "Ko gidan babu komai" ma ta tafi, don "ko da ruwa ne" ta riga ta faɗi hakan, kuma ta faɗe shi da abin da ido ke gani. "Zalla a ciki" nanatawa ce irin ta baki. La'asar ce na ji zafin cirewa, don ita ce ke sa wa abin lokaci, amma na ga tukunya da kanta ta san lokacinta. Dalilin, wato yara da hayaƙi, na bar shi a waje da gangan. Mu shida mun san shi, kuma wanda bai sani ba zai tambaya.

Ya rage "Ki ɗora tukunya ko da ruwa ne." Mu shida ne, uku maza. Da na cire "ki" sai maganar ta zama umarni kai tsaye, wanda bai bambanta mace da namiji ba, na kuma samu gurbi uku. Kwaɗayi ya sa na so in cire "ne" ma, in ƙara samun uku. Na karanta wa maƙwabciyata, wadda 'yar Damazin ce, "Ɗora tukunya ko da ruwa," sai ta ce, "Wato ko ana ruwan sama?" Na mayar da "ne" wurinta da sauri. Ƙaramar kalma ce, amma ita ke riƙe da ruwan a cikin tukunya.

Ɗora tukunya ko da ruwa ne. Harafi 21, tazara 5, gurbi 26. Da na naɗa takardar sai na ga ta rabu biyu da kanta: ƊORA TUKUNYA gurbi 12, KO DA RUWA NE gurbi 13, kowanne daidai kallo ɗaya. Na ce wa ƙanena kada ya jera su a layi guda, ya sa ɗaya a gaba ɗaya a baya, ya raba filin da ya rage gida biyu a tsakaninsu. Ta ko'ina aka fara karantawa maganar tana tsaye: ko da ruwa ne, ɗora tukunya. Wannan ba dabarata ba ce, haka Inna ta ƙera maganarta.

Mun ɗan yi gardama a kan rubutun. Ni malamar Larabci ce, da ajami na so, kuma da shi ne ma zai fi gajarta. Ya gwada a kan guda ɗaya ya turo mini hoto. Wasulan ba su kai milimita ɗaya ba, leza ta ƙona su sun zama ɗige-ɗige, da aka cika da fenti sai suka haɗe da haruffan. In kuma aka cire wasali, ajami ya mutu: wani abokin aikinsa Balarabe ya karanta kalmar farko da Larabci, ya rasa kan ta biyu. Muka koma boko. Nan ma sai da aka yi wata. Salon harafin da ke cikin kwamfutarsu bai san Ɗ ba, sai ya nuna ɗan akwati a wurinta, abokin aikin kuma ya gyara masa da D ba tare da ya tambaya ba. Allah ya sa ya turo hoto kafin a kunna na'ura. Na ce masa Inna ba ta taɓa cewa "dora" ba. Da hannu ya zana ƙugiyar a kan allo ya manna wa harafin, ya ƙara mata kauri don kada ta toshe. Na kuma ce a sassaƙa rubutun cikin robar, don shuɗin na farko bugawa aka yi a sama, kuma sabulu da gumi sun riga sun fara cinye shi. Ya yi baƙaƙe shida, da ƙarami ɗaya mai milimita 180 don 'yata, tunda ita ta kama ni.

Ba zan ce muku awarwaro ya warkar da ni ba. Tun kafin ya iso, tun ina yawo da na takarda, wata la'asar na dubi hannuna, na ji kunya ta kama ni kamar Inna na tsaye a kaina. Na tashi na aro kanun na gawayi, na ɗauraye tukunyarmu da ta yi wata huɗu a kife, na zuba ruwa na ɗora. Ba ni da abin da zan saka. Ƙaramin ya zo ya tsuguna kusa da ni yana kallon wutar bai ce komai ba. Da ruwan ya tafasa na jefa ganyen shayi da ya rage, muka sha ba sukari. Washegari maƙwabciyata ta miƙo albasa biyu da ɗan adas ta ƙarƙashin zane. Akwai ranakun da na sake kwanciya bayan nan, ba ɗaya ba, ba biyu ba. Sai dai layin bai tambaye ni yadda nake ji ba, kuma bai yi mini alkawarin komai ba. Aikin minti goma ya sa ni, wanda zan iya sanin ko na yi ko ban yi ba kafin magariba. Daga baya na fara tara yaran ajin ina koya musu karatu da safe. Maigidana ya dawo a ƙarshen shekarar, a rame, hannu kusan wayam. Bayan da Madani ta lafa a 2025 muka koma, muka tarar an kwashe gidan har ƙofofi.

Biyar daga cikinmu suna sa nasu. Yayanmu babba ne ya ƙi. Na ɗauka cewa zai yi abin yara ne, ko bai kamaci magidanci ba, har na shirya amsa. Da muka haɗu a Mai Wurno wajen ziyarar kabarin Inna na miƙa masa nasa hannu da hannu. Ya juya shi ya karanta gaba da baya, ya daɗe bai yi magana ba. Shekararsa shida a lokacin yunwar, ni ba a ma haife ni ba.

Ya ce, "Ke labari kika ji. Ni na zauna a gaban tukunyar nan. Mun san ruwa ne. Ni da marigayiya 'yar'uwarmu muna jin ƙarar tafasarsa, ruwa zalla ƙararsa daban ce. Sai mu rufe ido mu yi kamar barci ya ɗauke mu, don Inna ta samu ta sauke."

Na tambaye shi ko Inna ta taɓa sani. Ya ce bai taɓa gaya mata ba. Ya sa awarwaron a aljihun gaban rigarsa, ya ce mu tafi kada rana ta yi mana.